Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin jinya da likitocin ɗakunan kwanciya na asibitocinmu a Katsina da Daura, a kan yadda muke ba masu ciwon suga insulin

Assalamu alaikum, iyayenmu matironi da manyan likitocinmu. Ranku ya daɗe.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin kwantar da manya, kuma na rubuto ne a kan layi guda da ake yawan rubuta mana a fayil idan aka kwantar da mai ciwon suga: a auna suga duk bayan awa 6, a ba da insulin bisa silaidin sikel. Likita ne ke rubutawa, amma mu ke riƙe da sirinji, mu ne kuma ke tsaye a bakin gado da ƙarfe 1 na dare idan lamari ya ɓaci. Roƙona shi ne a daina barin wannan layin shi kaɗai ya zama dukkan maganin majiyyaci na kwana da kwanaki. A mayar da shi matsayinsa na ƙarin gyara, a kuma rubuta wa majiyyaci insulin na tushe da na abinci tun ranar farko ko ta biyu.

Saboda ƙannenmu da ɗalibai da za su karanta, bari in faɗi abin da sikelin yake. Jadawali ne da ke cewa idan suga ya kai kaza, a yi allurar insulin mai saurin aiki yunit kaza. Wanda muka fi gani yana tafiya kamar haka: daga 151 zuwa 200 mg/dL yunit 2, daga 201 zuwa 250 yunit 4, daga 251 zuwa 300 yunit 6, daga 301 zuwa 350 yunit 8, daga 351 zuwa 400 yunit 10, abin da ya haura haka a kira likita. Ƙasa da 150 ba a ba da komai. Insulin ɗin da ake amfani da shi galibi shi ne mai haske kamar ruwa, irin su Actrapid. Idan aka yi shi a ƙarƙashin fata yana fara aiki bayan kamar minti 30, ƙarfinsa ya kai ƙololuwa tsakanin awa 2 zuwa 4, ya gama aiki a cikin awa 6 zuwa 8. Duk matsalar sikeli tana cikin waɗannan lokutan.

Jikin mai lafiya ba ya jiran suga ya hau kafin ya fitar da insulin. Akwai ɗan kaɗan da ke fita dare da rana, ko mutum ya ci ko bai ci ba, domin hanta ba ta daina zuba suga cikin jini, kuma wannan ɗan insulin, wato na tushe, shi ne ke taka mata burki. Sannan idan aka ci abinci sai wani ya fito da yawa a lokaci guda ya tari abin da aka ci, wannan shi ne na abinci. Sikeli ba ya yin ko ɗaya cikin waɗannan ayyuka biyu. Yana duba lambar da ta riga ta hau ne saboda abin da ya faru awa 6 da suka wuce, ya biya bashin jiya, ya bar na gobe yana taruwa. Kamar mai kwasar ruwa da kwano ne a ɗaki da damina alhali rufin na ci gaba da yoyo. Ba ya tambayar nauyin majiyyaci, ko shekarunsa, ko lafiyar ƙodarsa, ko zai ci abinci nan gaba. Tsohuwa mai kilo 45 da ƙodarta ta raunana da magidanci mai kilo 100 da ke kan sitiroyid, idan na'ura ta nuna 280, dukkansu yunit 6 za a ba su.

Ga misali na irin majiyyacin da babu ɗakin kwanciyar da ba a taɓa ganin irinsa ba. Magidanci ne ɗan shekara 58, nauyinsa kilo 72, yana da ciwon suga nau'i na 2, yana shan metfomin da gilibenkilamaid a gida. An kawo shi da gyambo a ƙafa da zazzaɓi, sugansa 290. An rubuta maganin ƙwayoyin cuta, an rubuta sikeli.

Rana ta farko, da ƙarfe 6 na safe na'ura ta nuna 290, aka ba shi yunit 6. Koko da ƙosai ba su iso daga gida ba sai wajen ƙarfe 8 da rabi. Da tsakar rana 340, yunit 8. Da ƙarfe 6 na yamma 310, yunit 8. Da ƙarfe 10 na dare 330, yunit 8. An ba shi yunit 30 a yini guda, an bi umarni ɗaya bayan ɗaya, an sa hannu a kowane gurbi, amma sugansa bai sauko ƙasa da 290 ko sau ɗaya ba a lokutan da aka auna. Fitsari yake ta yi, ruwan jikinsa na raguwa, kuma gyambon da ake wankewa kullum ba zai yi saurin warkewa a cikin jini mai irin wannan suga ba, domin ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta suna raunana idan suga ya yi yawa.

Rana ta biyu ta fi koyarwa. Da safe 280, yunit 6. Zazzaɓi ya hana shi karin kumallo, don haka da tsakar rana aka samu 145. Kowa ya ji daɗi, sikeli kuma ya ce kada a ba da komai. To amma 145 ɗin nan aikin allurar safe ce, wadda ke dab da ƙarewa. Da ƙarfe 2 aka kawo shinkafa da fura, 'yan dubiya kuma suka zo da lemon kwalba. Ya ci duk wannan ba tare da wani insulin a jikinsa ba. Da ƙarfe 6 na yamma na'ura ta nuna 370, aka yi masa yunit 10. Hankalin iyalinsa ya tashi, suka matsa a sake aunawa da ƙarfe 8, aka samu 320, aka sake duba jadawali aka ƙara yunit 8. A lokacin nan allurar ƙarfe 6 ba ta ma kai ƙololuwarta ba. Tuwon dare ya zo, ya yi loma biyu ya ture. Gilibenkilamaid ɗin da ya zo da shi daga gida yana ƙarƙashin matashin kai, babu wanda ya ce masa ya daina sha.

Da ƙarfe 1 na dare matarsa ta zo teburinmu ta ce, "Sista, Malam fa sai zufa yake, na yi mashi magana bai gane ni ba. Bai ci komi ba tun rana." Riga ta jiƙe sharkaf, hannu na rawa, suga 52.

Da safe idan aka zo zagaye, abin da ake yawan faɗa shi ne sugan wannan bawan Allah ba ya jin magani, yau sama gobe ƙasa. Sai dai duk wanda ya jera lambobin da lokutan allura da lokutan abinci a layi guda zai ga cewa jadawalin ne ya haifar da hawan da saukar. Alamomin da ke nuna sikeli ya gaza a bayyane suke a takardar sa ido: ana ba da allurar gyara kusan kowane awo, sugan asuba yana sama da 180 kwana biyu a jere, lamba mai kyau guda ɗaya kullum sai wata mai tsananin hawa ta biyo bayanta, ko kuma an yi allura biyu da tazarar da ba ta kai awa 4 ba.

Ba ra'ayina ba ne ni kaɗai. A 2007 an buga wani bincike da aka yi a Amurka mai suna RABBIT 2, inda aka raba masu ciwon suga nau'i na 2 su 130 da ke kwance a asibiti gida biyu. Waɗanda aka ba insulin na tushe da na abinci, kashi 66 cikin 100 sun sauko ƙasa da 140 mg/dL, waɗanda aka bari a kan sikeli kaɗai kuwa kashi 38 ne. A 2011 aka maimaita a ɗakunan tiyata da mutum 211. Matsaloli bayan aiki, irin su ruɓewar rauni da ciwon huhu da gazawar ƙoda, sun sami kusan kashi 24 na 'yan sikeli, suka sami kusan kashi 9 na ɗaya ɓangaren. Adalci ne in faɗi ɗaya gefen: a wannan bincike na biyu faɗuwar suga ƙasa da 70 ta fi yawa a wajen masu insulin na tushe da na abinci, kusan kashi 23, idan aka kwatanta da kusan kashi 5. Wato tsarin da nake roƙo ba ya tafiya da kansa. Yana bukatar awo a kan lokaci da nas mai lura da kwanon abinci, kuma a nan ne maganar ta dawo kanmu.

Yanzu a ɗauki majiyyacin nan a rubuta masa tsarin da ake kira besal-bolas, wato insulin na tushe da na abinci. Abu na farko shi ne a ɗora shi a kan ma'auni, domin lissafin da kilo ake yin sa, kuma kintatar nauyin mutum da ido yana kwance cikin babbar riga ba abin dogaro ba ne. A dakatar da gilibenkilamaid, a karɓi ƙwayoyin daga hannun iyali a yi musu bayanin dalili. Jimlar insulin na yini ga mai ciwon suga nau'i na 2 da bai taɓa allura ba ana fara ta ne da yunit 0.4 a kowane kilo idan sugansa na tsakanin 140 da 200, ko yunit 0.5 idan ya haura 200. Idan ya kai shekara 70, ko ƙodarsa ta raunana, a sauko zuwa 0.3. Namu yana da kilo 72, sugansa 290, ƙodarsa lafiya, don haka 72 sau 0.5, yunit 36 ke nan a yini.

Rabin wannan, yunit 18, shi ne na tushe. Idan akwai Lantus, wanda ke aiki kusan awa 24 ba tare da wata ƙololuwa mai tsanani ba, sai a yi shi sau ɗaya a lokaci guda kullum. Na san abin da za a ce: tsada, kuma majiyyaci ne ke saye da kuɗinsa. Gaskiya ne, amma ba dole sai shi ba. Insulin mai duhu-duhu kamar madara, NPH, irin su Insulatard, yana yin aikin idan aka raba shi biyu, a ce yunit 10 da safe, 8 da dare lokacin kwanciya. Abin lura da shi shi ne yana da ƙololuwa tsakanin awa 4 zuwa 10, don haka na dare yana iya kayar da suga kafin asuba, kuma sai an mirgina kwalbar a tafin hannu ta haɗe sosai kafin a zuƙa. Mixtard, wanda aka riga aka gauraya, shi ne mutanenmu da yawa ke amfani da shi a gida, amma a gadon asibiti yana da wuyar sha'ani, domin na abinci da na tushe suna cikin allura guda. Idan majiyyaci ya ƙi cin abinci ba yadda za a cire ɗaya a bar ɗaya.

Sauran yunit 18 ɗin a raba su uku, yunit 6 na Actrapid minti 30 kafin kowane babban abinci. Sai na ukun, wato gyara, kuma nan ne sikeli ke da gurbinsa na gaskiya. Ana ƙara shi a kan allurar abinci, kuma ana iya lissafa shi daidai da mutumin. Ga irin Actrapid ana raba 1500 da jimlar insulin na yini, abin da ya fito shi ne kimanin yadda yunit 1 zai saukar da suga. A nan 1500 a raba da 36 ya ba da kusan 40 mg/dL. To a ce kafin abincin rana an sami 260, ana son 140. Bambancin 120 ne, a raba da 40, yunit 3. Za a yi masa 6 na abinci da 3 na gyara, yunit 9 a sirinji guda. Idan kuma aka sami 145 kamar waccan ranar, gyara ne kawai za a bari, amma yunit 6 na abinci suna nan, domin shinkafar tana tafe. Da dare lokacin kwanciya babu abincin da zai biyo baya, don haka gyara a lokacin ya zama rabi, kuma sai idan suga ya hau sosai.

Wannan lissafin na farawa ne kawai. Kowace safiya sai an duba jiya. Idan sugan asuba na sama da 180 kuma bai faɗi ba cikin dare, a ƙara na tushe da kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Idan jiya an ba da gyara yunit 8 gaba ɗaya, a ɗauki kamar rabinsu a shigar cikin allurorin da aka tsara, yadda gyaran zai riƙa raguwa kullum. Idan aka ga lamba ƙasa da 100 a fara ragewa tun kafin ta kai ga faɗuwa, idan kuwa ta sauka ƙasa da 70 a rage jimlar da kusan kashi 20. A lura kuma da cewa yayin da gyambo ke tsabtacewa zazzaɓi na sauka, bukatar insulin tana raguwa, sai allurar da ta dace ranar Litinin ta zama ta yi yawa ranar Juma'a. Abin da ake nema ga yawancin masu kwanciya shi ne tsakanin 140 da 180 mg/dL, wato 7.8 zuwa 10 mmol/L. Ba a neman sugan mai lafiya a gadon asibiti. Babban binciken NICE-SUGAR na 2009, a ɗakunan kulawa ta musamman, ya nuna cewa matsa suga zuwa tsakanin 81 da 108 ya ƙara yawan mace-mace.

Inda wannan tsari ya fi cin karo da rayuwarmu shi ne abinci. Littattafan da muka karanta sun ɗauka cewa kicin ɗin asibiti na kawo tire a kan lokaci, an auna abin da ke ciki. A wajenmu sau da yawa daga gida ake kawowa. Yaro ne zai taho da kula a kan babur daga Ƙofar Marusa ko daga wani ƙauye a bayan Daura, ya iso lokacin da Allah ya kawo shi. Idan na yi Actrapid da ƙarfe 6 saboda lokacin zagayen magani ke nan, tuwo kuma bai zo ba sai bayan Isha'i, na sa mutum a hatsari da hannuna. Don haka allurar abinci ta bi kwano, kada ta bi agogon bango. Abin da ya fi yi mana aiki shi ne a kira mai jinya tun ranar farko a ce mata, "Hajiya, idan abinci ya iso kada ki buɗe, ki zo ki kira ni tukuna." A auna, a yi allura, a jira minti 30, sannan ya ci. Bayan ya gama a leƙa kwanon a rubuta: ya cinye, ya ci rabi, bai taɓa ba. Wanda ake shakkar cinsa a ba shi rabin allurar abinci, wanda ba zai ci ba sam a bar ta gaba ɗaya. Fura da kunu da koko kuma abinci ne, ko da iyali za su ce ai ruwa-ruwa kawai ya sha. Gero ne, galibi da sukari a ciki, kuma suna ɗaga suga da sauri.

Ga wanda cinsa ba shi da tabbas kwata-kwata, ko tsoho mai rauni, akwai hanya mafi sauƙi da aka gwada aka buga a 2013: insulin na tushe kaɗai, yunit 0.25 a kowane kilo, ko 0.15 ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda, tare da gyara kafin abinci. A ɗakin da nas biyu ke riƙe da gadaje masu yawa a aikin dare, ina ganin da wannan ya kamata mu fara. Allura ɗaya ce ko biyu aka ƙara a kan abin da muke yi yanzu.

Wanda aka hana cin abinci saboda tiyata, na abinci ne ake dakatarwa. Na tushe ana rage shi ne kawai, rabin NPH ko kashi 75 zuwa 80 na mai dogon zango, a ci gaba da awo duk awa 4 zuwa 6. Mai ciwon suga nau'i na 1 kuwa, yawanci matasa siraran nan da ke kan allura tun ƙuruciya, ba a taɓa barinsa babu na tushe ko da sugansa 110 ne kuma ba ya cin komai. Jikinsa ba ya yin insulin ko ɗigo. Sikeli zai ce kada a ba shi komai, cikin awanni jininsa ya fara tara kiton, ya soma amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi. Wanda ya riga ya shiga wannan hali kuma ba na allurar fata bisa jadawalin nan ba ne, yana bukatar ƙarin ruwa da insulin da sa ido a kan fotasiyam ƙarƙashin likita, awa bayan awa.

Ban ce a jefar da sikeli ba. Wanda bai taɓa allura ba, sugansa bai cika wuce 180 ba, ko wanda rashin lafiya ce kawai ta ɗan ɗaga masa suga, ana iya sa masa ido da gyara kaɗai na awa 24 a ga abin da yake bukata. Idan a cikin wannan lokaci aka sami awo biyu sama da 180, ya fita daga wannan rukuni.

Akwai ƙananan abubuwa da ke ɓata lissafi komai kyansa, kuma duk a hannunmu suke. Na'urorin da ke yawo a ɗakunanmu ba iri ɗaya ba ne, wata na nuna mg/dL wata mmol/L, kuma tsakaninsu ninki 18 ne. Lamba 18 a na'urar mmol/L tana nufin 324, don haka a riƙa rubuta ma'aunin kusa da lambar. Yatsan da ya taɓa dabino ko mangwaro yana ba da lamba ta ƙarya mai hawa, a wanke a busar kafin a soka. Idan allo ya nuna HI, suga ya wuce abin da na'urar ke iya karantawa, wannan na kiran likita ne da duba kiton a fitsari. Sirinji ma iri biyu ne. Insulin mai U-100 idan aka zuƙa shi da sirinjin U-40, majiyyaci zai sami ninki 2 da rabi na abin da aka rubuta, kuma tunda iyali ne ke sayo sirinji a kemis, sai an duba jikinsa kowane lokaci. A rubutu kuma, harafin U da aka rubuta da gaggawa bayan lamba 6 yana komawa 60 a idon wanda ya gaji, a rubuta kalmar cikakkiya. Sai zafi. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firiji ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kuma kimanin mako 4 take yi a wuri mai sanyi. Wadda ta yini a kan loka kusa da taga a watan Afrilu na Katsina ta rasa wani ɓangare na ƙarfinta. Sai a yi ta ƙara yunit ana cewa ba ya ji, ranar da aka buɗe sabuwa kuma suga ya faɗi warwas.

Magunguna biyu sun cancanci a ja musu layi a fayil. Kwinin da ake ba mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana sa jiki ya fitar da insulin, yana kayar da suga shi kaɗai. Sitiroyid irin su firednisolon kuma idan aka sha da safe sun fi ɗaga suga da rana zuwa yamma, su sake shi cikin dare, don haka bin lambar ƙarfe 10 na dare da babbar allura ga irin wannan majiyyaci gayyatar faɗuwar asuba ce. Ranar da aka rage sitiroyid a rage insulin tare.

Idan suga ya faɗi ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L, kuma mutum na iya haɗiya, a ba shi kimanin giram 15 na sukari, cokalin shayi 3 zuwa 4 a rabin kofin ruwa, a sake aunawa bayan minti 15, a maimaita idan bai hau ba, sannan ya ci wani abu mai riƙe ciki. Idan hankalinsa ya gushe kada a ɗura masa komai a baki, a hana iyali ma, domin abin da suke fara yi ke nan. A ba shi dekistiros mai kashi 10, mil 150 zuwa 200 ta jijiya. Mai kashi 50 yana aiki amma yana ƙona jijiya, musamman idan kanula ta goce. Wanda gilibenkilamaid ya kayar yana iya sake faɗuwa bayan ya farfaɗo, sai a ci gaba da sa masa ido kwana 1 zuwa 2. Kuma faɗuwa ɗaya ba dalili ba ne na soke insulin gaba ɗaya a koma sikeli, kamar yadda ake yawan yi don tsoro. A nemo abin da ya jawo ta, a rage abin da ya kamata a rage.

Ranku ya daɗe, abin da nake roƙo yana cikin ikonku. A samar da takardar umarnin insulin guda ɗaya da duk ɗakuna za su yi amfani da ita, mai gurbi uku daban: na tushe, na abinci, na gyara, da wurin rubuta nauyi da kiriyatinin da abin da majiyyaci ya ci. A rubuta a jikinta cewa umarnin sikeli shi kaɗai yana ƙarewa bayan awa 24 sai likita ya sake dubawa, kuma ba a maimaita gyara kafin awa 4 ta cika, kowa ya matsa. Wannan layi zai ba ƙaramar nas abin da za ta nuna wa iyali da ƙarfe 8 na dare, ya kuma ba ta hurumin kiran likita ba tare da a ce ta yi shisshigi ba. Kowane ɗaki ya sami ma'aunin nauyi mai aiki da akwati guda da ba a kullewa, mai ɗauke da sukari, dekistiros, kanula da tsinken gwaji na gaggawa, domin bai kamata a ce sai an aika ɗan majiyyaci kemis da tsakar dare kafin a san ko suga ne ya faɗi ba. Idan kuna son ganin girman lamarin kafin ku yanke hukunci, ku sa a zaro fayilolin masu ciwon suga da aka sallama a watan da ya wuce daga ɗakin maza da na mata, a ƙirga nawa ne suka wuce awa 48 a kan sikeli kaɗai, da kuma nawa ne aka rubuta nauyinsu ranar da aka kwantar da su. Ni da abokan aikina a shirye muke mu yi ƙirgar, mu kawo muku daftarin takardar a taron sashe na gaba.

Wassalam.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya a ɗakin kwantar da manya, Katsina